Tare Suna Rera Tabara, Ɗaya-Ɗaya Kuwa Sai Su Kakare

Assalamu alaikum Anti. Ni malama ce a wata Islamiyyar yamma a Zariya, shekarata ta biyu ke nan da fara koyarwa. Yara 45 ne a ajina, 'yan shekara 6 zuwa 8, kuma yawancinsu ba su iya duba Alƙur'ani su karanta da kansu ba, da baki nake biya musu. Shugaban makaranta ya ce ajina ne zai kawo Tabara da ka ranar walimar saukar 'yan babban aji, saura mako 10. Mako 3 muka yi muna fama, mun kai aya ta 18. In suka haɗa baki sai ki rantse sun iya, amma da na tsayar da yaro shi kaɗai sai ya kakare, ko ya tashi daga aya ta 5 ya faɗa ta 11. Ranar Asabar kuwa kamar ba mu taɓa yi ba. Wani babban malami a makarantar ya ce sangarta su na yi, in riƙe bulala. Wata uwa ta tare ni a bakin ƙofa ta ce ɗanta ba ya kawo komai a gida. Minti 50 kaɗai gare ni na Alƙur'ani, daga Asabar zuwa Laraba. Tsoron jin kunya har ya fara hana ni barci. Ko dai ni ce ban iya koyarwa ba?

Malama, daga Zariya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah ya saka miki da alheri, ya sanya albarka a cikin wannan ɗawainiya. Malamar da ba ta iya koyarwa ba, da ta ji aji ya ɗauki amo sai ta koma kujera ta zauna, ranta fes. Ke kuwa kin tsayar da yaro shi kaɗai kin saurare shi, kuma abin da kika ji ya dame ki. A nan koyarwa take farawa, saboda haka ki cire wannan tambayar daga zuciyarki, mu dubi aikin.

Karatun haɗa baki yana da ruɗi. A kowane aji akwai yara biyar ko shida masu kaifin kunne, su ne suke jan karatun. Sauran suna biye da su ne da tazarar ƙiftawar ido: sun ji farkon kalma daga bakin na kusa, sai su ƙarasa ta. Kunnenki ba zai kama wannan tazarar ba, domin muryoyi 45 sun cakuɗe. Yaron da ke bi ba yaudararki yake yi ba, shi ma ya ɗauka ya iya. Abin da ya samu shi ne sabo da sautin surar, wanda abu ne mai amfani ƙwarai, amma bai kai hadda ba. Hadda ita ce yaro ya ciro ayar daga kansa, babu mai ɗora masa, bayan ya kwana biyu bai ji ta ba. Ki tuna yadda alarammomi suke yi a makarantar allo: almajiri ba ya wanke allonsa sai ya zo gaban malam ya biya shi kaɗai. Wannan ƙa'idar ce ta ɓace mana da muka koma aji da benci, ita kuma za ki dawo da ita.

Sannan ita kanta Tabara tana da wani hali da ya kamata ki sani. Ɗauki Alƙur'aninki ki bi ƙarshen ayoyin da yatsa. Daga aya ta 1 har ta 21, kowace da harafin ra take ƙarewa: ƙadir, gafur, fuɗur, hasir, sa'ir, masir, haka har zuwa nufur. Ga mai sauraro daɗi ne, ga ƙaramin mahaddaci kuwa tarko ne, domin ƙarshen aya ba ya gaya masa wace ce ke biye. Aya ta 5 ta ƙare da “azabas sa'ir”, ta 10 ta ƙare da “as'habis sa'ir”, ta 11 ma haka. Yaron da bakinsa ya furta “sa'ir” ya iso mararraba mai hanya uku, sai ya bi wadda ta fara zo masa. Ba wauta ba ce, ba kuma sangarta ba. Ayoyin suna nan a kansa kamar 'ya'yan carbi, zaren da zai haɗa su ne ba a zura ba. Mafi yawan aikin da ke gabanki na zura zaren nan ne.

Don haka shawarata ta farko mai ɗaci ce: ki dakatar da ƙari. Mako uku cur kada ki ɗora aya ta 19. Na san zuciyarki za ta ce lokaci yana tafiya, to bari mu yi lissafi tare. A Alƙur'ani bugun Madina mai layi 15, Tabara shafi biyu ce da ɗan kai, kuma abin da ya rage miki aya 12 ne kacal. In kin ba gyara mako 3, kin ba sabon ƙari mako 4, kina da sauran mako 3 na haɗa surar gaba ɗaya. A makonnin ƙari, kwana huɗu za ki riƙa ƙari, Laraba ki bar ta ga tilawa zalla, domin ita ce ranar da za ta riƙe musu karatun su tsallake Alhamis da Juma'a. Kwana 16 ke nan ga aya 12, har da rarar kwana huɗu da za ki ba ayoyi masu tsawo kwana bibbiyu. Lokaci ya ishe ki, in dai ba ki ci gaba da gini a kan danshi ba.

Ranar Asabar mai zuwa ki fara da awo. Ki raba sunayen ajin gida biyar, yara tara a kowace rana, ta yadda duk mako kowane yaro zai zo gabanki sau ɗaya. Ki kira shi kusa da ke, ba tsaye a gaban aji ba, ki sa ya juya wa 'yan'uwansa baya don kada ya karanta daga leɓunansu. Kada ki ce ya fara daga “Tabarakallazi”, domin farkon sura kowa ya iya shi, an maimaita shi ya fi sau ɗari. Ki ba shi farkon wata aya daga tsakiya, misali “Iza ulƙu fiha”, ki yi shiru, ki ga ko zai kai aya uku a jere. Minti ɗaya da rabi ya isa. A littafinki ki rubuta lambar ayar da ya tsaya a kanta, ba “ya iya” ko “bai iya ba” kawai ba. Kafin Laraba za ki ga lambobi biyu ko uku suna ta maimaituwa a shafin, kuma a nan ne zaren ya tsinke wa ajin duka.

Yadda ake ƙulla mahaɗa kuwa abu ne mai sauƙi da yara suke so kamar wasa. Ki raba ajin biyu, dama da hagu. 'Yan dama su faɗi kalmomin ƙarshe na aya, 'yan hagu su amsa da kalmomin farko na mai bi mata. Dama: “wa a'atadna lahum azabas sa'ir.” Hagu: “Wa lillazina kafaru bi rabbihim.” Sau biyar, sannan su yi musaya. Sai ki dawo kan ɗaya “sa'ir” ɗin, dama su ce “ma kunna fi as'habis sa'ir”, hagu su amsa “Fa'atarafu bi zambihim.” Ki lura ba kalma ɗaya ta ƙarshe ake ba su ba, guntun jimla ne, domin “sa'ir” ita kaɗai ba ta bambanta komai, amma “azabas sa'ir” daban take da “as'habis sa'ir”. Bayan rukuni, ki sauko kan benci ɗaya, sannan kan yaro ɗaya da kika nuna ba zato. A makon farko ki ɗaure aya ta 1 zuwa ta 5, na biyu ta 6 zuwa ta 12, na uku ta 13 zuwa ta 18. Za ki ga aikin yana sauri, saboda sautin ya riga ya zauna musu. Makonni ukun da kika yi a baya ba su tafi a banza ba.

Idan kin zo sabon ƙari, bari in nuna miki da aya ta 19 yadda nake yi, daki-daki. Kafin ki buɗe baki da Larabci, ki tambaye su wa ya taɓa ganin shirwa tana shawagi a sama, ta baza fukafukai ba ta kaɗawa, can kuma ta naɗe su. Hannuwa za su tashi, wani ma zai ba ki labarin ɗan tsakon da ta sure a gidansu. Ki ce musu to wannan ayar maganar tsuntsaye take yi, da wanda yake riƙe da su ba sa faɗowa. Jimla biyu sun isa, ba tafsiri ake nema ba, ƙugiya ake nema da ayar za ta rataya. Sai ki ce kowa ya rufe bakinsa, ki karanta ayar cikakkiya sau uku, a hankali, da murya iri ɗaya. Wannan shirun yana da muhimmanci. Yaron da ya fara bi tun bai ji daidai ba, kuskurensa yake haddacewa, kuma cire kuskuren da ya zauna ya fi dasa sabuwar aya wuya.

Daga nan ki yanka ta gaɓa huɗu. “Awalam yarau ilaɗ ɗairi fauƙahum”, ki faɗa su faɗa, sau biyar zuwa bakwai. “Saffatin wa yaƙbidn”, haka nan, suna baza hannuwa a kalmar farko suna naɗewa a ta biyu. Kafin ki taɓa gaɓa ta uku, ki haɗa ta ɗaya da ta biyu sau uku. Sai “ma yumsikuhunna illar Rahman”, ki haɗa ukun. Sai “innahu bi kulli shai'in basir”, ki haɗa duka. Ki kiyaye wurin yanka: kada ki tsaya a kan “ma yumsikuhunna” ki bar “illar Rahman” a gaɓa ta daban, domin ma'anar za ta koma babu mai riƙe su, kuma inda kika yanka yau nan yaro zai riƙa tsayawa har ya girma. Da ayar ta haɗu, sai ki ɗaure ta da ta jiya, “fa kaifa kana nakir”, “Awalam yarau”, sau biyar. Aya ba ta shiga lissafin ƙari sai an ɗaure ta da ta bayanta a ranar.

Ki riƙa sauya yadda ake maimaitawa, in ba haka ba bayan zagaye na huɗu baki ne kawai ke motsi, hankali ya tafi waje. Wannan zagayen da ƙarfi, na gaba da raɗa, na gaba 'yan mata kaɗai, na gaba bencin baya. Sannan ki fara janye muryarki: ki faɗi kalmar farko ki bar musu sauran, daga baya ki ɗaga yatsa kawai. Masu jan karatun nan biyar ko shida ki ba su muƙami, ki ce su ne alƙalai, aikinsu su yi shiru su saurara su ɗaga hannu in sun ji kuskure. Ranar da kika fara yin haka ajin zai yi tsit kamar an ɗauke wuta, kada ki firgita. Ainihin abin da ke kan sauran yaran ne kika ji a karon farko.

Game da nuni da hannu, yana taimakawa sosai, amma ki tsare masa iyaka. A yi shi a kan halittu: tsuntsu, ƙasa, sama, kunne, ido, ruwa. Abin da ya shafi siffofin Allah, kamar “bi yadihil mulku”, babu nuni a wurin ko kaɗan, hannu a kan cinya. Yara suna karɓar wannan ladabin da wuri in an gaya musu sau ɗaya da natsuwa. Haka kuma ayoyin wuta, daga ta 6 zuwa ta 11, ki faɗi ma'anarsu a taƙaice ba tare da zuzutawa ba, ki riƙa kai su har ta 12 mai albishir da gafara da lada babba. 'Yan shekara shida ne, akwai mai tafiya da tsoro har shimfiɗarsa.

Rabin surar na biyu yana da tagwayen ayoyi da suke kayar da manya ma, gara ki shirya musu tun kafin ki isa. Ta 16 da ta 17 duk suna da “amintum man fis sama'i an”, sai ɗaya ta ce “yakhsifa”, ɗaya ta ce “yursila”. Ki koya musu cewa ƙasa ce farko, su nuna ƙasa, sannan abin da ake aikowa daga sama, su nuna sama. Ta 20 da ta 21 duk da “Amman hazallazi” suka fara: ta farko maganar runduna ce, “huwa jundun lakum”, ta biyu maganar arziki, “yarzuƙukum”. Sai ayoyi shida masu farawa da “Ƙul”, wato ta 23, 24, 26, 28, 29 da 30. Waɗannan a yatsu nake sa yara su ƙirga su. Biyun farko “Ƙul huwallazi” ne: “ansha'akum” ita ce mai kunne da ido da zuciya, su taɓa kowanne, “zara'akum” ita ce mai ƙasa. Ukun ƙarshe kuwa “Ƙul huwar Rahman” ce a tsakiya, “Ƙul ara'aitum” biyu sun sa ta a tsakani, kuma ta ƙarshen ita ce ta ruwan da ya ƙafe, wadda duk yaron da ya taɓa leƙa busasshiyar rijiya a watan bazara zai gane ta nan take. Kada ki koyar da tagwaye biyu a rana ɗaya. Ki bar ta farko ta kwana ta zauna, gobe ki kawo 'yar'uwarta, jibi ki jera su gefe da gefe ki ce su nemo miki bambancin da kansu.

Minti 50 ɗin ga yadda zan raba shi in ni ce. Yaran nan daga boko suka taso, sun sha rana, wasu ko abincin kirki ba su tsaya ci ba, don haka mafi kyawun hankalinsu yana farkon zama. Minti biyar na farko a maimaita ƙarin jiya da na shekaranjiya. Minti 20 na gaba ƙarin yau. Sai minti 15 da za ki saurari yaranki tara na ranar, sauran kuma su zauna bibbiyu suna karɓar wa juna. Ki nemi shugaba ya ara miki ɗalibai biyu daga babban aji su riƙa zagayawa a wannan lokacin, in ba haka ba hayaniya za ta cinye shi. Minti 10 na ƙarshe tilawa, yau daga farkon sura, gobe daga aya ta 6, jibi daga ta 13, don kada farkon ya yi ta ƙiba tsakiya tana ramewa. Sannan in an zo tashi, bayan darasin fiƙihu ko hadisi, ki saci minti biyu a sake karanta ƙarin yau sau biyu kafin addu'a. Wannan 'yar maimaitawar bayan hankali ya je wani wuri ya dawo ta fi goma a jere amfani. Kada ki manta da ƙananan surorin da suka riga suka haddace, ki ba su rabin ranar Laraba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya mana a hadisin Bukhari da Muslim cewa Alƙur'ani ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa, kuma ba na so a sami Tabara a rasa Sabbi.

Yanzu maganar bulala. Malamin nan kada ki ɗauke shi abokin gaba. Da ita aka koyar da shi, ya ga ya zama mutum, kuma abin da yake tsoro shi ne aji ya lalace. Ki girmama shi, ki ce “Malam, na gode, a ba ni mako uku in gwada wata hanya, sannan ina roƙo a zo a saurara mini su.” Amma ni ban yarda ki ɗauke ta ba, kuma dalilina daga jikina na samo shi. Ina 'yar shekara takwas aka zane ni a kan “Am amintum”, don na maimaita “yakhsifa” a inda ake son “yursila”. Har yau, da furfurata, in na iso wurin nan a salla sai na ji ƙirjina ya buga. Dukan bai nuna mini bambancin ayoyin ba, wata yayata ce ta nuna mini da daddare a tsakar gida, cikin minti biyu. Bulala tana iya sa yaro ya zauna shiru, amma yaron da ya kakare a mahaɗa yana buƙatar natsuwar da zai lalubo kalmar, tsoro kuwa ita yake fara kora. Ki bambanta rashin ji da rashin iyawa. Mai tsokana da ture-ture a raba shi da abokinsa, a dawo da shi gabanki. Wanda ya manta kuwa a ƙirga masa biyar a zuci, in bai samo ba a ba shi harafin farko kawai, in ya ƙarasa a ce masa madalla.

Za ki tarar da yara huɗu ko biyar da duk abin nan ba ya kama su kamar sauran. Ki matso da su benci na gaba, ki lura ko akwai wanda sai ya kalli bakinki yake ganewa, ko mai yawan cewa “na'am?”, domin wani lokacin kunne ne ke ciwo, sai a gaya wa iyaye su kai shi asibiti a duba. Sauran a rage musu kaya: rabin aya a rana, ba tare da an sanar wa aji ba.

Uwar da ta tare ki kuwa, zafin son ɗanta ne ya fito ta bakinta, kuma irinta ake nema, domin ita ce mai tambayar yaro karatu a gida. Ki mayar da ita abokiyar aiki. Kowace rana ki naɗi muryarki a waya, ƙarin ranar tare da ayar da ta gabace shi, sau uku, kada ya wuce minti biyu, ki tura wa iyaye ta WhatsApp. Gidan da babu babbar waya, a tura wa wa ko ya ko maƙwabciya. Roƙonki gare su ƙarami ne: a kunna wa yaro bayan Magariba, a sake kunnawa da safe yana shirin makaranta, sannan a ce ya faɗa da kansa sau ɗaya. Ko uwar ba ta yi karatu ba za ta iya wannan. Ki roƙe su musamman kan Alhamis da Juma'a, nan ne Asabar ɗinki take lalacewa. In sun saba, a mayar da abin da aka haddace karatun kwanciya barci, tunda Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi ba ya barci sai ya karanta Sajada da Tabara.

Akwai wani abu da za ki iya cin karo da shi a Zariya. Wasu yaranki suna zuwa makarantar allo da asuba, ko kakansu yana biya musu a gida da ruwayar Warshu, ke kuma da Hafsu kike koyarwa. In kin ji yaro ya ce “fi lardi” a inda kike cewa “fil ardi”, kada ki ce masa kuskure ne, kada kuma ya koma gida ya ce Malama ta ce Kaka bai iya ba. Ki gaya masa duka biyun karatu ne ingantacce, amma a wannan ajin da wannan muke yi, ki kuma roƙi gidan su bar Tabara a kan muryar da kika tura har a gama.

Saura shugaban makaranta. Shi ma yana da nasa nauyin, iyaye za su taru, yana son su ga abin da za su yi alfahari da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kada ki jira sai saura mako ɗaya. Da kin gama awon makon farko, ki ɗauki littafinki ki same shi, ki nuna masa lambobin da jadawalin mako goman. Ki gaya masa gaskiya cewa ba kowane yaro ne zai kawo surar duka shi kaɗai ba, sannan ki ajiye masa zaɓi. Ana iya raba surar gida shida, 1 zuwa 5, 6 zuwa 12, 13 zuwa 18, 19 zuwa 22, 23 zuwa 27, 28 zuwa 30, kowane rukuni na yara bakwai ko takwas ya tashi ya kawo nasa kason da ya ƙware a kai, ɗaya na miƙa wa ɗaya, a rufe da waɗanda suka haddace duka su kawo ta a jere. Ko kuma, in makonnin gyara sun nuna ajin yana buƙatar ƙarin lokaci, a tsaya a shafin farko, aya 12, a kawo shi tsaf da kyakkyawan furuci, a sanar cewa ragowar tana tafe. Abin da ba na so shi ne a jera yara 45 a ba shida makirfo, a bar iyaye su tafi da zaton 'ya'yansu sun haddace. Uwar nan za ta koma gida ta ce ɗanta ya karanta mata, kuma amanar da ke tsakaninku ta fi tafin rana ɗaya tsada.

A makonni ukun ƙarshe ki fitar da su tsakar makaranta su gwada a tsaye, a inda za a yi taron, a gaban wani aji, domin yaron da ya iya a bencinsa yana iya daskarewa in ya ga baƙin fuskoki. Ki gayyaci babban malamin nan ya zauna ya ja musu baki daga duk ayar da ya ga dama. Ki tsaya a inda za su riƙa ganin fuskarki, kuma ku yi alkawari da su cewa wanda ya kakare ya dube ki, za ki ba shi kalmar farko.

Ke kuma ki yi barcinki, ƙanwata, ki bar littafin a jaka in kin dawo gida. Ki rubuto mini bayan Asabar ta huɗu, ki gaya mini yara nawa ne cikin taran ranar suka wuce “azabas sa'ir” suka shiga “Wa lillazina kafaru” ba tare da kin buɗe baki ba. Allah ya buɗa musu, ya sa Alƙur'ani ya cece mu baki ɗaya.